Ka saki manhaja a Play Store, toh yanzu ta yaya za ka san tana raye ko ta mutu?

Kusan duk wanda ya saki manhajarsa ta farko abu ɗaya yake yi, kullum da safe ya buɗe Play Console ya duba mutum nawa ne suka yi dawunlod, idan ya ga lambar ta hau sai ya ɗau sikirinshot ya sa a status. Ba laifi ba ne, amma gaskiya wannan lambar ba ta faɗa maka komai game da manhajar kanta, abin da take faɗa maka kawai shi ne tallarka ta yi aiki ko abokanka sun yi maka kara. Mutum zai iya saukewa, ya buɗe sau ɗaya, ta fitar da shi, ya goge, kai kuma kana nan kana murna an ƙara mutum ɗaya.

Abu uku ne nake so mu bi a nan: mutum nawa ke dawowa bayan sun sauke, mutum nawa manhajar ke mutuwa a hannunsu, da kuma a wane mataki mutane ke tsayawa su juya. Kuma ba a karanta su daban-daban, ɗaya ce ke fassara ɗaya. Zan yi maganar a kan Android da Firebase da Play Console saboda su na fi sani kuma su ne akasarin masu haɗa manhaja a wajenmu ke amfani da su. Misalin da za mu riƙe har ƙarshe, a ce ka haɗa manhajar littafin bashi ce ta masu shago, mai shago ya rubuta wanda ya karɓi kaya bashi, nawa ne, yaushe zai biya, har ya iya ɗaukar hoton rasit ɗin ya liƙa. Lambobin da zan kawo a misalin nan na lissafi ne kawai don a gane hanya, naka za su bambanta.

Mataki na farko: yanke shawarar aikin da ake kira amfani

Kafin ka taɓa kod, zauna ka amsa wannan: wane abu ɗaya ne idan mutum ya yi shi za ka ce lallai ya amfana da manhajar? A littafin bashi amsar ita ce ya rubuta bashi. Ba buɗewa ba, ba rajista ba, ba kallon sikirin ba. Wanda ya yi rajista bai rubuta ko bashi ɗaya ba kamar wanda ya shigo shago ne ya gaisa ya fita.

Firebase Analytics da kanta tana ɗaukar wasu ibent, wato bayanin abin da ya faru a cikin manhajar, ba sai ka rubuta komai ba, irin su `first_open` a karon farko da aka buɗe, da `session_start`, da `user_engagement` idan manhajar na gaban mutum yana amfani da ita, da `app_remove` idan an goge ta a Android. Amma ba ta san menene bashi ba, wannan kai za ka gaya mata. Ga yadda yake a Kotlin:

```kotlin
firebaseAnalytics.logEvent("rubuta_bashi") {
    param("da_hoto", if (akwaiHoto) "eh" else "aa")
}
```

Ibent huɗu zuwa shida sun ishe ka a farko. A namu misalin: `fara_rajista`, `gama_rajista`, `fara_bashi`, `rubuta_bashi`, sai `karbi_biya`. Na ga masu sa ibent a kan kowane maɓalli, bayan wata biyu su kansu ba sa tuna me kowanne ke nufi. Akwai kuma iyaka, sunan ibent ba ya wuce haruffa 40, kowane ibent ba ya ɗaukar bayanai fiye da 25, kuma babban baƙi da ƙarami daban ake lissafa su, wato `Rubuta_bashi` da `rubuta_bashi` ibent biyu ne, idan ka canza suna a tsakiyar tafiya lissafinka ya rabu gida biyu ke nan.

Kada ka tura sunan mutum ko lambar wayarsa ko sunan wanda ake bi bashi cikin ibent. Dokokin Google Analytics sun hana, sannan a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma abin da kake tattarawa dole ya yi daidai da abin da ka cike a fom ɗin Data safety na Play Console.

Sai gwaji. Ibent ba ya tafiya nan take, wayar tana tara su ne ta tura a dunƙule kamar duk bayan awa ɗaya don kada ta cinye batir, rahoton kuma yakan kai kwana ɗaya kafin ya bayyana, shi ya sa mutane ke zaton ba ya aiki. Haɗa wayarka da kwamfuta ka buga wannan, sai ka buɗe DebugView a Firebase ka ga ibent suna shigowa cikin daƙiƙu:

```
adb shell setprop debug.firebase.analytics.app com.misali.bashi
```

Idan ka gama, maye gurbin sunan da `.none.` don ka kashe. Abu uku kuma ka gyara tun ranar farko domin ba a gyara su a baya: saita lokacin rahoto ya zama na ƙasarku, in ba haka ba "jiya" da "yau" za su riƙa rabuwa a tsakiyar ranar mutanenka, ɗaga tsawon ajiye bayanai daga wata 2 zuwa wata 14, sannan ka kunna fitar da bayanai zuwa BigQuery, ma'ajiyar bayanai ta Google da ake bincika da SQL, saboda daga ranar da ka kunna yake fara tarawa, abin da ya wuce ya wuce.

Mataki na biyu: lissafin masu dawowa

Nan ne ainihin maganar. Ba a lissafa dawowa a kan duka mutanen da ke da manhajar, ana lissafawa ne rukuni-rukuni, wato ka ɗauki mutanen da suka fara buɗewa a rana ɗaya ko mako ɗaya ka bi su, su kaɗai, ka ga nawa suka dawo washegari, nawa a rana ta 7, nawa a rana ta 30. Ranar da suka sauke ita ce rana ta sifili.

A ce a makon farko mutum 1,200 ne suka buɗe manhajarka a karon farko. Washegarin ranar da kowannensu ya sauke, 300 suka sake buɗewa, kashi 25 cikin ɗari ke nan. A rana ta 7, mutum 108, kashi 9. A rana ta 30, mutum 48, kashi 4. Idan wannan ne karonka na farko jikinka zai yi sanyi, amma ka sani faɗuwa mai yawa a kwanakin farko abu ne da kusan kowace manhaja ke gani. Abin dubawa shi ne siffar layin. Idan ka zana shi, yana gangarowa ne har ya zo ya kwanta a wani wuri, ko kuwa yana ta gangarowa zuwa sifili? Layin da ya kwanta a kashi 4 ya tsaya nan har wata biyu yana nufin akwai wasu mutane da manhajar ta zama musu abin kullum, sai ka nemo su waye ka ƙara irinsu. Wanda bai kwanta ba kuwa tulu ne mai huji, duk kuɗin tallar da ka zuba ƙasa zai bi.

Kuma kowace rana da abin da take gaya maka. Rana ta 1 tana maganar haɗuwar farko ce, shin mutum ya gane manhajar, ya samu ya wuce rajista? Rana ta 7 tana cewa ko ta fara shiga cikin harkarsa. Rana ta 30 ita ce ke cewa ko tana da amfanin da zai sa ya bar ta a waya lokacin da sifes ya cika yana neman abin gogewa.

Firebase tana nuna maka jadawalin rukuni a dashbod, ya isa a fara da shi, amma ni na fi son in lissafa da hannuna a BigQuery don in san ainihin me ake ƙirgawa:

```sql
WITH farko AS (
  SELECT user_pseudo_id, MIN(PARSE_DATE('%Y%m%d', event_date)) AS rana
  FROM `aiki.analytics_123456.events_*`
  WHERE event_name = 'first_open' GROUP BY 1),
dawowa AS (
  SELECT DISTINCT user_pseudo_id, PARSE_DATE('%Y%m%d', event_date) AS rana
  FROM `aiki.analytics_123456.events_*`
  WHERE event_name = 'user_engagement')
SELECT f.rana, COUNT(*) AS sababbi, COUNT(d.user_pseudo_id) AS rana7
FROM farko f LEFT JOIN dawowa d
  ON d.user_pseudo_id = f.user_pseudo_id
  AND d.rana = DATE_ADD(f.rana, INTERVAL 7 DAY)
GROUP BY 1 ORDER BY 1
```

Idan ka canza `user_engagement` zuwa `rubuta_bashi` za ka samu lamba mafi ƙanƙanta amma mafi gaskiya, ta waɗanda suka dawo suka yi aiki, ba waɗanda notifikeshan ya ja su suka leƙa suka fita ba. Kuma ka yi watsi da layukan kwana bakwai na ƙarshe, waɗannan mutanen ranarsu ta 7 ba ta zo ba tukuna, sifili za ka gani ka tsorata a banza.

Akwai tarkuna a nan da ya kamata ka sani. Na ɗaya, `user_pseudo_id` ba mutum yake ƙirgawa ba, instol yake ƙirgawa. Mutum ya goge manhaja don sifes ya sake saukewa bayan kwana uku, a idon Firebase ya zama mutum biyu, ɗaya ya gudu ɗaya sabo. Idan akwai rajista a manhajarka yi amfani da `setUserId` da wata lambar cikin gida wadda ba lambar waya ba. Na biyu, idan manhajarka ta daɗe a waje sai yanzu ka sa Firebase, tsofaffin mutanenka duk za su harba `first_open` ranar da suka yi afdet, makon farko zai yi kyau na ƙarya.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu. Manhajar da ke aiki ba data, kamar littafin bashi, mai shago zai iya kwana biyar yana amfani da ita bai kunna data ba. Wayar tana ajiye ibent ɗin har ya hau onlayin, amma Google Analytics tana watsi da ibent ɗin da ya iso bayan awa 72 da faruwarsa. Wato akwai mutanen da suke amfani da manhajarka kullum amma a rahoto sun ɓace a wasu ranakun. Idan masu amfani da manhajarka irin masu sayen data jefi-jefi ne, kwatanta lambar Firebase da abin da ke shigowa sabarka lokacin da wayar ta haɗa bayananta, kuma ka fi dogara da lissafin mako, wato wa ya dawo a kowace rana cikin mako na biyu, ba lallai rana ta 7 cif ba. Haka ma idan mutanenka 'yan kasuwar mako ne, ko shagon da ba ya buɗewa wasu ranaku, ko kuma rukunin ya faɗo a makon Sallah, kada ka kwatanta shi da mako na yau da kullum.

Sannan ƙaramin rukuni ba a yanke hukunci da shi. Idan mutum 40 ne suka sauke a rana, mutum biyu kacal sun isa su motsa lambar da kashi 5. Tara su su zama na mako.

Mataki na uku: mazurari, ina ake zubewa?

Mun san kashi 9 ne ke dawowa a rana ta 7, amma ba mu san dalili ba. Sai mu jera ibent ɗinmu ɗaya bayan ɗaya kamar mazurari, a Google Analytics yana ƙarƙashin Explore da sunan Funnel exploration. A ce ga abin da ya fito na ranar farko ta mutanen nan 1,200: 840 sun fara rajista, 510 sun gama, 470 sun danna fara rubuta bashi, 330 ne suka kai ga ajiye shi.

Yanzu raba masu dawowar gida biyu. Cikin 330 da suka rubuta bashi a ranar farko, 96 sun dawo a rana ta 7, wajen kashi 29. Cikin sauran 870, mutum 12 kacal, ko kashi 2 bai kai ba. Ka ga ashe manhajar ba ta da laifi a wajen wanda ya samu ya yi aiki da ita, matsalar ita ce mafi yawa ba sa kaiwa wajen. Da ka tsaya a kashi 9 ɗin nan da yanzu kana can kana ƙara sababbin abubuwa don jan hankalin mutanen da ko ƙofa ba su wuce ba. Sai dai a yi hattara, wannan ba hujja ba ce cewa idan ka tura kowa ya rubuta bashi dole kashi 29 za su tsaya, wataƙila waɗanda suka rubuta dama su ne masu buƙata ta gaske. Alama ce ta inda za ka fara tono.

Ramuka biyu za mu duba. Daga 840 zuwa 510, mutum 330 sun ɓace a rajista. Idan rajistar tana jiran lambar sirri ta tes, abu na farko da zan zarga shi ne saƙon ba ya zuwa da wuri, kuma hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce, sa ibent a kan maɓallin sake turo lamba, idan mutane da yawa suna danna shi sau biyu sau uku kafin su ɓace to ka samu amsa. Magani mafi arha ma wani lokacin shi ne ka bar mutum ya fara rubuta bashinsa ba rajista, sai lokacin da zai ajiye bayanansa a onlayin ka nemi lambar waya.

Rami na biyu ya fi ban mamaki. Mutum 470 sun danna fara rubuta bashi, 140 ba su gama ba. Wanda ya sha wahalar rajista har ya fara cike suna da kuɗi, me zai sa ya fasa a tsakiya? Irin wannan wurin ne ake barin dashbod ɗin amfani a tafi na kirash.

Mataki na huɗu: kirash, da dalilin da lamba ɗaya ke ruɗar mutum

Wuri biyu ake dubawa kuma ba za su taɓa ba ka lamba ɗaya ba, kada ka ɓata lokaci kana son su daidaita. Android vitals da ke cikin Play Console tana samun bayanai ne daga wayar kanta, daga mutanen da suka yarda a riƙa tura bayanan amfani, kuma waɗanda suka sauke daga Play kaɗai take ƙirgawa. Duk wanda aka tura wa manhajarka ta Xender ko WhatsApp, kuma ka san yadda ake wannan a wajenmu, ba ya cikin lissafinta. Crashlytics kuwa, ta Firebase, tana cikin manhajar ne, tana ganin kowa ko ta ina ya samo ta, amma wani lokacin sai an sake buɗe manhajar sannan take tura rahoton mutuwar da ta gabata. Wanda ta mutu masa ya yi tsaki ya goge nan take, wannan rahoton yana iya ƙin isowa har abada.

Android vitals ita ce wadda Google ke hukunta ka da ita. Iyakar da suka sa tun ƙarshen 2022 ita ce: idan kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a kullum suna ganin kirash da idonsu, ka shiga layin da suke kira mummunan hali. Ga daskarewa kuma, wato ANR, inda manhajar ke ƙin amsa taɓawa har daƙiƙa 5 waya ta tambayi mutum ko ya jira ko ya rufe, iyakar kashi 0.47 ce. Bayan wannan akwai iyaka ta kowane samfurin waya, kashi 8. Suna duba kwana 28 na baya. Idan ka haura, Play tana iya rage nuna manhajarka ga mutane, kuma tana iya sa gargaɗi a shafinta ga masu irin wayar da abin ya shafa.

Mu koma misalinmu. A ce bayan 'yan makonni kana da mutum 2,000 masu amfani a kullum, 30 daga ciki na ganin kirash. Kashi 1.5 ke nan, ka haura iyaka. A Crashlytics za a nuna maka kamar kashi 98.5 ba su ga kirash ba a ranar, lambar da ke da daɗin ji a kunne, shi ya sa mutane ke sakankancewa. Ka kuma lura, idan ka faɗaɗa kwanakin daga 1 zuwa 30 lambar nan raguwa za ta yi ko da ba abin da ya lalace, saboda duk wanda ta taɓa mutu wa sau ɗaya cikin watan an lissafa shi. Don haka kullum ka kwatanta tsawon kwanaki iri ɗaya.

Yanzu raba ta samfurin waya. A ce akwai wata ƙaramar waya mai RAM 2GB da mutum 150 cikin 2,000 ɗin ke riƙe da ita, kuma 21 daga cikin 30 ɗin nan duk nata ne. Kashi 14 ke nan a wannan wayar, ya wuce iyakar 8 nesa, sauran mutum 1,850 kuwa 9 ne kawai, ƙasa da rabin kashi ɗaya. Wannan ita ce cutar da ta fi kama mu: mai haɗa manhaja yana gwaji a babbar wayarsa mai RAM 8GB, masu shagon kuma ƙananan itel da Tecno da Infinix suke riƙe da su, wasu ma Android Go. Wayoyin ba su yi laifi ba, mu ne ba mu gwada a kansu ba.

Buɗe kirash ɗin da ke sama a Crashlytics, ka jera da yawan mutanen da ya shafa, ba yawan faruwa ba, domin waya ɗaya na iya mutuwa sau ɗari ta cika maka jadawali. A ce ga abin da ka gani:

```
kotlin.UninitializedPropertyAccessException:
lateinit property photoUri has not been initialized
```

Ga abin da ke faruwa. Mai shago ya cike suna da kuɗi, ya danna ɗaukar hoton rasit, manhajarka ta koma baya kyamara ta fito. Kyamara tana cin RAM sosai, a ƙaramar waya Android sai ta kashe manhajarka a ɓoye don ta samar mata wuri. Ya ɗau hoto ya dawo, Android ta sake tada manhajarka daga farko, amma abin da ka ajiye a `photoUri` ya tafi, kod ya nemi abu bai samu ba, ta mutu. Kisan farko da Android ta yi ba a lissafa shi kirash, shi ya sa ba ka ganinsa, mutuwa ta biyun ce ke fitowa. Kuma ga su nan mutanenmu 140 da suka ɓace tsakanin `fara_bashi` da `rubuta_bashi`, aƙalla wani kaso nasu. Don ka tabbatar, koma mazurari ka raba wannan matakin ta samfurin waya, idan ramin ya fi zurfi a ƙananan wayoyi to zance ya haɗu.

Kana iya jawo matsalar a wayarka komai girmanta. Buɗe kyamarar daga cikin manhajar, kafin ka ɗau hoton buga wannan, sannan ka ɗauka ka dawo:

```
adb shell am kill com.misali.bashi
```

Gyaran shi ne ka ajiye adireshin hoton da abin da mutum ya riga ya cike a `SavedStateHandle` ko `onSaveInstanceState`, don idan an tada manhajar ta tarar da su.

Idan maimakon sunayen kod ɗinka ka ga irin `a.b.c` a rahoto, fayil ɗin `mapping.txt` na wannan sigar bai hau ba, duba saitin Crashlytics a Gradle. Kuma tun yanzu ka saba sa `setCustomKey` a wurare masu muhimmanci, misali wane sikirin mutum yake, akwai netwok ko babu, ranar da kirash ya zo waɗannan ne za su rage maka kwana uku na lalube. ANR kuwa Crashlytics tana ganinsa ne daga Android 11 zuwa sama, masu tsofaffin wayoyi sai a Android vitals, kuma yawanci sanadinsa aiki mai nauyi ne kamar karanta dubban layukan bashi daga ma'ajiya a kan babban zaren da ke zana sikirin.

Mataki na biyar: saki gyaran a hankali, ka auna ko ya yi aiki

Kada ka tura gyara ga kowa lokaci ɗaya. Play Console tana ba ka damar sakin afdet ga wani kaso, fara da kashi 10 ko 20, idan mutanenka ba su da yawa ka ɗaga don lambar ta isa a karanta. Jira kwana biyu zuwa uku, tace Crashlytics ta sabuwar sigar kaɗai, ka duba abu biyu: tsohon kirash ɗin ya daina fitowa a sabuwar siga, kuma ba a haifi sabo ba. Idan ka ga sabo mai yawa danna Halt rollout, sai dai waɗanda suka riga suka karɓa sun karɓa, ba a janye musu, dole sai ka sake fitar da wata sigar.

Kada ka damu idan jimillar lambar a Android vitals ba ta sauko nan take ba. Kwana 28 take dubawa, kuma mutane da yawa a wajenmu ba sa yin afdet sai sun samu Wi-Fi ko data ta dare, tsohuwar sigar za ta daɗe tana mutuwa a hannunsu.

Ainihin gwajin yana wajen sababbin mutane. Ɗauki rukunin da suka fara buɗewa a sabuwar siga ka kwatanta da na tsohuwa, mazurari iri ɗaya, tsawon kwanaki iri ɗaya. A ce da 330 cikin 470 ke gama bashin farko, kashi 70, yanzu ya koma 85, to gyaran ya taɓa inda ake so. Sai ka jira rana ta 7 ta wannan rukunin ta cika ka ga ko kashi 9 ɗin ya motsa. Amma ka tabbata daga wuri ɗaya mutanen suka fito, idan makon farko abokanka ne da 'yan uwa, na biyu kuma tallar Facebook ce ta kawo su, bambancin da za ka gani na mutanen ne ba na gyaran ba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci, idan ka gyara kyamara ka cire rajista ka canza launi duk a afdet ɗaya, lambar ta hau ko ta sauka ba za ka san wanne ya jawo ba.

Ni dai abin da nake yi, takardar lissafi ɗaya gare ni, kowace Litinin layi ɗaya: sababbi nawa a makon, kashi nawa suka rubuta bashin farko, dawowar rana ta 1 da ta 7 da ta 30 ga rukunonin da lokacinsu ya cika, kirash da ANR daga Android vitals, wayar da ta fi kowacce mutuwa, sai gefe in rubuta sigar da na saki da duk abin da ya faru a makon, talla ce ko Sallah ko netwok ya yi tsiya. Kullum kuma a kwana ukun farko bayan afdet Crashlytics kaɗai nake leƙawa, sauran sai Litinin.